Wace manhaja ce za ta mai da satifiket ɗinka PDF ba tare da ta cinye hatimin ba?

Wasiƙa da rasit ba su da wuyar sha'ani. Baƙin rubutu ne a kan farar takarda, duk manhajar sikanin da ka ɗauko za ta fitar maka da su tsaf. Satifiket ne ke tona asirin manhaja. A jikinsa akwai hatimi mai ƙyalli, akwai sa hannu da shuɗin biro, akwai zane mara kauri da aka shimfiɗa a bayan rubutu don hana jabu, wani lokacin har da hatimin matsi wanda ba tawada a jikinsa sam, tudu da kwari ne kawai a fatar takardar. Su kuwa manhajojin nan an gina su ne don su wanke takarda ta yi fari fat, rubutu ya yi baƙi wuluk. Abin da suke ɗauka datti su goge, sau da yawa shi ne ainihin abin da mai duba takardar yake nema.

Saboda haka da ma'auni huɗu na auna su: ko manhaja tana barin launi da hatimi yadda suke, ko tana manna tambarinta a ƙasan shafi, ina take ajiye fayil ɗin, sannan ko tana ba ka ikon rage nauyinsa idan shafin da za ka ɗora ya ƙayyade girma.

Wanda ke cikin wayarka tun asali

Mutane da yawa suna sauke sabuwar manhaja alhali wayar ta zo da abin. A Android yana cikin Google Drive: ka buɗe, ka taɓa alamar kyamara ko alamar ƙari, ka zaɓi Scan. Tun ƙarshen 2023 masu iPhone ma sun samu wannan a cikin Drive ɗinsu. Yana gano gefen takarda da kansa, ya ɗauka, ya miƙar da ita idan ta karkace, ka ƙara shafi na biyu da na uku a fayil ɗaya. Ba talla, ba tambari. Fayil ɗin yana tafiya kai tsaye cikin ma'ajiyarka ta Google, wadda ake ba kowa 15 GB kyauta, haɗe da Gmail da hotuna. Wannan alheri ne ranar da waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa. Sai dai ka sani cewa a can ya zauna, in kana son kwafi a cikin wayar kanta sai ka danna Download. Inda ya gaza shi ne wajen nauyi: abin da ya ba ka shi ke nan, ba ya tambayarka ƙarami kake so ko babba.

A iPhone ƙofa biyu ce. Manhajar Notes ta samu sikanin tun iOS 11 a 2017, sai Files ta biyo baya a iOS 13 a 2019. Na fi ba da shawarar Files ga mai neman PDF, domin a Notes takardar tana maƙale ne a cikin rubutu, sai ka sake fitar da ita. A Files kuwa ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi Scan Documents, abin da zai fito PDF ne tsantsa a jakar da ka tsaya. In ka tsaya a On My iPhone, takardar ba za ta bar wayarka ba ko kaɗan, kuma ba ka buƙatar data. Zaɓin launi huɗu ne: Color, Grayscale, Black & White da Photo. Rauninsa ɗaya da ke ba mutane haushi: ba ya karɓar hoton da ka riga ka ɗauka, dole takardar tana gabanka. Idan wani ne ya turo maka hoton takardarsa ka gyara masa, nan bai da amfani.

Ga wanda takarda biyu ko uku kawai zai yi a shekara, waɗannan sun ishe shi. Sauran da zan kawo sai in akwai takamaiman dalili.

Adobe Scan, da sharaɗin da ke tattare da ita

Kamfanin Adobe ne ya ƙirƙiro tsarin PDF tun farkon shekarun 1990, kuma ya fitar da Adobe Scan a 2017. Kyauta ce, ba ta sa tambari. Abu biyu take yi da na cikin waya ba sa yi da kyau. Na farko, tana karanta rubutun da ke cikin hoton ta shimfiɗa shi a ɓoye a bayan shafin, abin da za ka ga an rubuta OCR. Hoton bai canza ba, amma yanzu kana iya neman suna a cikin fayil ɗin ko ka kwafo lambar satifiket maimakon ka yi ta bugawa da hannu. A tsarin kyauta tana yin haka har shafi 25 a fayil ɗaya, wanda ya fi ƙarfin bukatar mai takardun makaranta. Kar dai ka yarda da ita ido rufe a kan haruffanmu masu lanƙwasa: ƙ da ɗ da ɓ sukan fito k da d da b, ko wata alama da ba ta da ma'ana. Na biyu, tana da Resize, inda kake tilasta shafi ya zama A4 daidai. Wannan na da amfani idan za a buga fayil ɗin, domin shafukan da aka yanke da hannu kowanne da girmansa yake fitowa, ɗaya dogo ɗaya gajere. Tana kuma da yanayin ID card, mai haɗa gaba da bayan kati a shafi guda.

Sharaɗin shi ne sai ka shiga da asusu, kuma takardunka suna hawa ma'ajiyar Adobe. Wasu ayyukan, kamar mai da fayil Word ko haɗa fayiloli daban-daban wuri ɗaya, na masu biya ne, kuma za ta riƙa tuna maka da hakan. Maganar haɗa fayil tana da sauƙin kaucewa: ka ɗauki duk shafukan a zama ɗaya tun farko.

CamScanner

Ita ce ta fi suna, har wasu sun mai da sunanta sunan aikin. Ta kamfanin INTSIG ce da ke Shanghai, kuma ta iya gano gefe da haska rubutu, ba a ƙwace mata wannan. Amma a tsarin kyauta tana manna sunanta a ƙasan kowane shafi. A takardar darasi ba komai. A satifiket kuwa, ka ƙara rubutun da mai bayar da shi bai sa ba, kuma in aka yi rashin sa'a ya sauka kusa da sa hannu ko lambar da ke can ƙasa. Ga talla, ga tayin biyan kuɗi da ke faɗowa tun kafin ka fara. A Agustan 2019 masu bincike na Kaspersky sun gano wata muguwar manhaja ɓoye a sashen tallanta na Android, Google ta sauke ta daga Play Store, sannan ta dawo bayan an cire wannan sashen. Abin ya wuce, amma tunda akwai masu yin aikin ba tambari ba talla, ban ga dalilin da zai sa mai satifiket ya fara da ita ba.

Microsoft Lens ma tana cikin waɗanda ake yawan ambata, kuma ta yi aiki mai kyau shekara da shekaru. Sai dai Microsoft ta sanar a 2025 cewa za ta yi mata ritaya, don haka kar ka ɗora tsarinka a kanta. Mai amfani da OneDrive zai samu maɓallin sikanin a can.

Wadda ba a cika sani ba ita ce Genius Scan, ta wani ƙaramin kamfanin Faransa mai suna The Grizzly Labs. Ba ta neman asusu, a cikin wayar take sarrafa hoton, ba ta sa tambari, kuma lokacin fitar da fayil tana ba ka zaɓin girmansa. Karanta rubutu na masu biya ne. Ni dai saboda zaɓin girman nan kaɗai nake barinta a waya.

Takardu uku, fayil ɗaya, 1 MB

Ƙanwata ce ta zo min da rigimarta. Shafin neman gurbin karatu ya ce a ɗora takardu uku a PDF ɗaya, kar ya wuce 1 MB: shaidar kammala karatu, wadda aka yi wa leda kuma tana da hatimin ruwan zinare, takardar sakamako mai ƙananan lambobi a kan zane kore-kore, da tsohuwar takardar haihuwa da ta sha ninki huɗu, mai hatimin matsi. Ta riga ta yi nata.

"Yaya, duba ka ga yadda ya fito fes," in ji ta.

Fes ɗin ya yi yawa. Ta zaɓi launin baƙi da fari ne. Abin da wannan zaɓin ke yi shi ne ya bi kowane ɗigo na hoton ya yanke masa hukunci: wanda ya fi wani mataki duhu ya zama baƙi, wanda bai kai ba ya zama fari, babu tsaka-tsaki. Hatimin zinare ya koma baƙin dunƙule kamar an ɗiga kwalta. Zanen kore ya ɓace gaba ɗaya. Hatimin matsi, da yake inuwa ce kawai ke nuna shi, ko alamarsa babu. Sa hannun shuɗi ya tsira amma ya kakkarye inda biron bai danna sosai ba. Duk wanda ya kalli fayil ɗin zai ɗauka kwafin kwafi ne aka yi.

Muka sake daga farko. Dokar da na ba ta ita ce: ga satifiket, zaɓi mafi ƙarancin gyara. A Drive shi ne None ko Color a ƙarƙashin Filter, a iPhone Photo ko Color, a Adobe Original color. Wanda aka rubuta Auto a jikinsa ka gwada shi, amma ka kwatanta da na asali kafin ka yarda, don shi ma yana wanke zanen baya. Takardar za ta ɗan yi duhu-duhu, ba komai, haka take a zahiri. Kuma kayan goge tabo, Clean a Drive ko Cleanup a Adobe, ka bar su can. Ko da tabon shayi ne a gefe, gara a gan shi da a ga wurin da aka shafe a takardar shaida.

Matsala ta gaba tawa ce, don a kan farin tebur na sa ta ajiye takardar. Manhaja tana gano gefe ne ta bambancin haske tsakanin takarda da abin da ke ƙarƙashinta. Da ta rasa shi, sai ta kama layin ado da aka zana a kewayen satifiket ɗin ta ɗauka nan ne iyaka, ta yanke duk abin da ke waje, har da lambar takardar da ke can ƙasa. Wannan kuskure yana da saurin wucewa ba a lura ba, domin hoton yana fitowa da kyau, a miƙe, kamar ba abin da ya ɓata. Muka shimfiɗa baƙin mayafi mara zane, muka kashe ɗauka-da-kanka muka koma Manual, sannan bayan kowane ɗauka muka ja kusurwa huɗun da yatsa zuwa ainihin bakin takardar. Ni har ɗan siririn layi na mayafin nake bari ya fito, shaida ce cewa ba a yanke komai ba.

Mai ledar ta fi cin lokaci. Leda madubi ce: duk fitilar da ke sama da ita, da filashar waya, da fuskar mai ɗauka, sai sun bayyana. Inda haske ya yi fari fat a hoto rubutun wurin ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Muka kashe filasha da fitilar ɗaki, muka matsa kusa da taga yadda haske zai zo daga gefe, ya bugi ledar ya wuce ɗaya ɓangaren maimakon ya dawo cikin kyamara. Kafin a danna sai a ɗan motsa wayar a ga ko akwai farin tabo da ke yawo a kan allo. In akwai, a juya takardar ko a canza wurin tsayawa.

Hasken gefen nan shi ne kuma ya ceci hatimin matsi. Haske daga sama kai tsaye yana baje tudu da kwari su zama ɗaya. Daga gefe kuwa kowane tudu yana jefa 'yar inuwa, sai rubutun hatimin ya fito. Illarsa ita ce layukan ninki su ma suna fitowa da ƙarfi, don haka muka danne takardar a ƙarƙashin littattafai masu nauyi na ɗan lokaci kafin ɗauka. Ninkin bai ɓace ba, ya dai kwanta.

Lissafin kusanci da nauyi

Akwai ɗan lissafi da zai raba ka da yawan gwaji. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297, wato kusan inci 8.3 da 11.7. Ana auna kaifin sikanin da yawan ɗigo a kowane inci, abin da ake rubutawa dpi. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai ɗigo kusan 4000 a tsawo. Idan takardar ta cika allon, ka raba 4000 da 11.7, ka samu wajen 340, wanda ya haura 300 da injin sikanin ofis ya saba bayarwa. Idan ka tsaya nesa har takardar ta ci rabin tsawon allon kawai, ka faɗo wajen 170, sauran ɗigon sun tafi a ɗaukar mayafi. Shi ya sa kusanci ya fi sunan manhaja tasiri. Ka cika allon da takardar, ka riƙe wayar a kwance daidai da ita, ka goge gilashin kyamara da gefen riga, kar kuma ka ja hoton da yatsu biyu don kusantowa, ka matso da hannunka.

To amma kaifi da nauyi tare suke tafiya. Shafi a 300 yana da ɗigo 2480 sau 3508, kusan miliyan 8.7. A 150 kuwa 1240 sau 1754 ne, kusan miliyan 2.2. Ka raba kaifi biyu, yawan ɗigon ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Namu shafuka ukun masu launi sun fito sama da 3 MB, ga shi ana son ƙasa da 1 MB, wato kowane shafi kar ya wuce wajen 330 KB.

Hanya uku ce a gabanmu. Mai iPhone zai iya danne fayil ɗin a Files, ya shiga Quick Actions, ya zaɓi Optimize File Size, ba tare da intanet ba. Akwai shafukan matse fayil irin su iLovePDF da Smallpdf, suna aiki kuma kyauta ne zuwa wani iyaka, amma ka tuna kana miƙa takardar haihuwa da cikakken suna da ranar haihuwa ga kwamfutar wasu. Ga takardar darasi ba na ko tunani, ga takardar shaida sai in ba yadda zan yi. Ta ukun ita muka bi: muka ɗauka da Genius Scan, muka fitar a matsakaicin girma, fayil ya sauko ƙasa da iyakar da ɗan rata.

Ka fara da babba ka sauko mataki-mataki, ka tsaya a na farkon da ya shiga ƙarƙashin iyaka. In har yanzu ya ƙi, ka mai da shafin da launi bai dame shi ba zuwa Grayscale, wato toka-toka, wanda ke riƙe inuwa da hatimi ba kamar baƙi da fari ba, ka bar mai hatimin launi yadda yake. Kuma kullum daga babban fayil na asali za ka sake ragewa. Matse wanda aka riga aka matse yana tara lalacewa a kan lalacewa.

Ga yadda ake gane an wuce gona da iri. Ka buɗe PDF ɗin da ka gama, ba hoton da manhaja ke nuna maka kafin ajiyewa ba, ka faɗaɗa mafi ƙanƙantar rubutu a shafin, yawanci lambar takarda ko ranar bayarwa. In kana iya bambanta 3 da 8, da 1 da 7, da 5 da 6 ba tare da cewa "ina jin" ba, ya yi. In ka ga haruffa sun yi gashi-gashi a gefe, ko zanen baya ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai, matsi ya yi yawa, ka koma mataki ɗaya sama. In kuwa gefe ɗaya na shafin ya fito da kaifi ɗaya gefen ya dushe, wayar ce ta karkace lokacin ɗauka, sai dai a sake.

To wacce za ka ɗauka?

Mai Android da ke son takardunsa su zauna inda zai same su ko waya ta ɓata, Google Drive. Mai iPhone, Files, musamman in ba ya son takardar ta bar wayar. Wanda ke son neman rubutu a cikin fayil, ko shafuka su daidaita a A4, ko gaba da bayan kati a shafi ɗaya, kuma buɗe asusu bai dame shi ba, Adobe Scan. Wanda kullum yake fama da shafukan da ke ƙayyade nauyi, ko ba ya son asusu sam, Genius Scan. Ni biyu nake riƙewa: na cikin waya don aikin yau da kullum, da Genius Scan don ranar da aka ce kar ya wuce kaza.

Kafin ta tafi na sa ta ajiye kwafi biyu, babban na asali da ƙaramin da ta ɗora, kowanne da suna mai ma'ana cikin haruffa marasa lanƙwasa kuma ba tazara, irin su satifiket_babba.pdf da satifiket_1MB.pdf, domin wasu shafukan suna ƙin fayil saboda baƙon harafi a sunansa kawai. Da ta ce za ta turo min kwafi ta WhatsApp in ajiye mata, na ce ta tura PDF ɗin ta hanyar Document, kar ta ɗauki hoton allo ta turo, in ba haka ba duk wahalar da muka sha a bakin taga ta tafi a banza.